Gidan haya mai sashe huɗu: in ba wa kamfani ko in ci gaba da riƙewa da kaina?

Assalamu alaikum. Ina da gidan haya mai sashe huɗu, kuɗin hayar kowanne iri ɗaya ne, ana biya wata-wata. Ina aiki kwana biyar a mako, kuma daga inda nake zuwa gidan tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Bara na sha wahala. Mutum ɗaya ya tashi, sashensa ya yi wata uku a rufe. Wani kuma ya gudu da bashin wata biyu, nasa sashen ya ƙara wata ɗaya babu kowa. Gyare-gyare sun ci kimanin hayar wata biyar ta sashe ɗaya, kuɗin motata kuma, da yake ina zuwa sau biyu a wata, ya ci hayar wata ɗaya. Yanzu wani kamfanin kula da gidaje ya ce zai karɓi aikin a kan kashi 10 cikin ɗari na haya, da hayar wata ɗaya duk lokacin da ya kawo sabon ɗan haya, da kashi 10 a kan kowane gyara. Yayana ya ce asarar kuɗi ce kawai. Ni kuwa na gaji, kuma ina jin nauyin bin mutane bashi. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ji daɗi da kika zo da lissafinki a hannu, don da shi za mu yi aiki. Don kada manyan lambobi su ruɗa mu, bari mu ɗauki hayar wata ɗaya ta sashe ɗaya a matsayin 100. Duk lambar da kika gani a nan, ki auna ta da wannan mudun, sai ki mayar da ita kuɗin da kike karɓa.

In gidan ya cika shekara babu sashen da ya zauna a rufe, kuma kowa ya biya, abin da zai shigo shi ne 4,800. Bara kin rasa wata shida, wato 600, don haka 4,200 ne ya shiga hannunki. Ki cire 500 na gyara da 100 na mota, ya rage 3,600. Ki riƙe wannan lambar sosai, domin ita ce abin da muguwar shekara ta bar miki a lokacin da kike riƙe da gidan da kanki, kuma da ita za mu gwada duk sauran.

Yanzu mu ɗauka kamfanin ne ya riƙe gidan a wannan shekarar, kuma bai fi ki iyawa da komai ba, wato shi ma 4,200 ya tara. Kashi 10 ɗinsa 420 ne. Ya kawo sababbin 'yan haya biyu, wannan 200. A kan gyaran 500 ya ɗora 50. Jimilla 670. In kika raba 670 da 4,200, za ki ga ya kusa kashi 16 cikin ɗari. Wannan ne abin da nake so ki fara ganewa: kashi 10 da aka faɗa miki shi ne ƙofar gida, amma a shekarar da mutane suka tashi, abin da zai fita ya fi haka da nisa. Zuwanki zai ragu, mu ce sau huɗu ko biyar a shekara, kuɗin mota ya koma 20. Abin da zai rage miki 3,010 ne, wato ƙasa da naki da 590, kusan hayar wata shida ta sashe ɗaya.

Za ki ce ai dalilin ɗaukar kamfani shi ne ya fi ki iyawa. Gaskiya ne, to mu ba shi wannan. A ce kowanne daga cikin sassan nan biyu da aka tashi wata ɗaya kawai ya yi a rufe kafin a samu wani, kuma babu wanda ya gudu da bashi. Abin da aka tara ya zama 4,600. Kamfani ya ɗauki 460, da 200, da 50, jimilla 710. Bayan gyara da ɗan kuɗin motarki, kina da 3,370. Har yanzu bai kai 3,600 ba, akwai giɓin 230. Dalili kuwa a fili yake. Duk watan da kamfanin ya ceto miki, 90 ne naki, 10 nasa. Kafin ya cike giɓin 590 sai ya ceto fiye da wata shida da rabi, ke kuwa wata shida kika rasa gaba ɗaya. Ko da ya yi abin da ba a saba gani ba, wani ya fita da safe wani ya shiga da yamma, 3,550 za ki samu.

Saboda haka, in kuɗi tsagwaronsa ake magana, yayanki yana da gaskiya. A gida mai sashe huɗu, da irin wannan farashin, kamfanin ba zai biya kansa da kansa ba. A shekarar da babu wanda ya tashi ma haka ne: za ki biya shi 530, ki tashi da 3,750, alhali da kanki za ki tashi da 4,200.

Amma akwai abin da yayanki bai sa a ma'auni ba, saboda ba shi ne yake hawa mota ba. Zuwa sau biyu a wata zuwa 24 ke nan a shekara. Kowane zuwa awa uku a hanya, ki ƙara awa biyu a can, awa biyar, jimilla awa 120. Ki haɗa da waya, neman mai gyaran famfo, jiran mai son ganin sashe, rubuta rasit, tunatar da wanda bai biya ba. A ƙiyasina wannan ba zai gaza awa 80 ba, amma ke kika san naki, ki gyara lambar. Awa 200 ke nan. Da kamfani ma aiki ba ya ƙarewa, domin sai kin karanta bayanin kuɗi, kin amince da manyan gyare-gyare, kin leƙa gidan lokaci-lokaci. Mu ce awa 40. Abin da kike saye shi ne awa 160, kuma awa 160 kusan wata ɗaya ne cur na aikin mai yin awa takwas a rana, kwana biyar a mako.

To ga tambayar a tsaye. Kamfanin zai sayar miki da wata ɗaya na lokacinki a kan kuɗin da ya kama daga 230, in ya yi ƙoƙari, zuwa 590, in bai yi ba. Ki ɗauko albashinki na wata ki ajiye kusa da waɗannan lambobi biyu. In albashinki ya haura hayar wata shida ta sashe ɗaya, lokacin nan da arha kika saye shi, ko yaya kamfanin ya kasance. In bai kai hayar wata biyu ba, kin saye shi da tsada ko da kamfanin ya yi iya ƙoƙarinsa. In yana tsakani, sai ki duba abin da awannin nan suke hana ki. Ban ce za su zama kuɗi a hannunki ba, domin mai albashi ba a ƙara masa don ya huta ranar hutunsa. Amma ranar hutun da take tafiya a hanya, yara ko iyaye suna jira, tana da daraja, kuma gajiyar da kika ambata ban ɗauke ta ƙaramin abu ba.

Duk da haka, kafin ki sa hannu a ko'ina, ina so mu duba inda kuɗin bara ya zube, domin a ganina ba duk aikin ne ya fi ƙarfinki ba. Wurare biyu ne.

Na farko, sashen da ya yi wata uku a rufe. Ina kyautata zaton abin da ya faru shi ne abin da yake faruwa ga yawancin masu gida da suke nesa. Mutum ya ce zai tashi, aka jira sai da ya kwashe kayansa. Sannan aka jira ranar hutu aka je aka duba. Sannan aka nemo mai fenti, shi ma ya sa ranarsa. Sai bayan wata guda aka fara cigiya, mai son gani kuma in ya kira a tsakiyar mako a ce masa ya bari sai ƙarshen mako, kafin nan ya samu wani wuri. Kowane jira a nan kuɗi ne, kwana goma kashi ɗaya cikin uku na hayar wata ne. Maganinsa a jere ayyukan su hau kan juna. Ranar da ɗan haya ya ba ki sanarwar tashi, ranar za a fara neman wani. Ki je ki duba sashen tun yana ciki, da izininsa, ki rubuta abin da yake buƙatar gyara, ki kama mai fenti da mai famfo su zo washegarin fitarsa. Nuna wa mutane kuma sai wanda yake kusa, mai riƙe da makulli. In an yi haka kuma sashen ya wuce mako uku ko huɗu babu mai so, ki lura da alamar. In babu masu kira sam, ko dai cigiyar ba ta isa ba ko kuɗin ya yi yawa. In ana zuwa ana gani ana tafiya, akwai abin da ido yake gani a sashen, ko danshi a bango, ko banɗaki, ko ruwa. Kuma ki tuna, rage 5 daga hayar wata asarar 60 ce a shekara, wata ɗaya a rufe kuwa asarar 100 ce.

Na biyu shi ne bashin, kuma a nan ne nake jin ainihin damuwarki take. Mai jin nauyi ba ya magana a rana ta biyar, yana cewa bari a ga ƙarshen wata. A ƙarshen wata bashin ya zama babba, maganar ta ƙara nauyi, shi ma wanda ake bi ya fara ɓuya saboda kunya. Da bashi ya kai wata biyu, sau da yawa guduwa ta fi masa sauƙi a kan biya. Abin da kamfani yake sayarwa a nan ba wata dabara ba ce, ƙa'ida ce da ba ta duban fuska: ranar biya sananniya, saƙon tuni kafin ranar, saƙo na biyu bayan kwana uku ko biyar, takarda a rubuce in an kai tsakiyar wata. Ke ma za ki iya kafa wannan. Ki rubuta shi a yarjejeniya, ki karanta wa mutum tun ranar shigarsa, biya kuma ya zama ta asusun banki ɗaya da kika ware wa gidan, don kada ki riƙa miƙa hannu kina karɓa. In ƙa'idar ce take magana, nauyin yana raguwa ƙwarai. Ki karɓi kuɗin ajiya tun farko gwargwadon abin da dokar wurinku ta yarda, ki ba da rasit. Kafin ki ba kowa makulli, ki ga shaidar abin da yake samu, ki kuma yi magana da mai gidan da ya baro. In abu ya kai ga fitar da mutum, kada ki canja kwaɗo, kada ki yanke masa ruwa ko wuta, kada ki fitar da kayansa. Tsawon sanarwa da matakan kotu sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ki biya lauya ya duba miki yarjejeniyarki sau ɗaya, ya faɗa miki matakan, tun ba a shiga rigima ba.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da zan yi da ni ce a matsayinki. Ba dole ba ne ki sayi aikin gaba ɗaya. Ki sayi guntun da nisa ya hana ki, ki riƙe sauran. Ki samu dillali ko shi wannan kamfanin ki ce neman ɗan haya kawai kike so, ki biya hayar wata ɗaya a kan kowane, amma zaɓi na ƙarshe naki ne. Ki samu mutum ɗaya amintacce a kusa da gidan, zai fi kyau in mai sana'ar hannu ne, ki yanka masa abu kaɗan duk wata, mu ce 10, ya riƙe makulli, ya leƙa in an kira, ya aiko miki da hoto kafin gyara da bayansa. Kada ya karɓi haya, ko sau ɗaya. Ke kuma zuwanki ya koma sau ɗaya a wata. In shekara irin ta bara ta maimaitu, mutum biyu suka tashi, amma sashen kowannensu wata ɗaya kawai ya yi a rufe kuma babu bashi, aka tara 4,600, ki cire 200 na dillali, 120 na mai kula, 500 na gyara, 50 na mota, kina da 3,730. Ko da wani ya sake tafiya da hayar wata ɗaya, 3,630 ne, ya ɗara abin da kika samu bara, ya kuma fi na kamfanin da ya yi ƙoƙari da 260. Awanninki na hanya sun ragu da rabi. Wannan lissafin ya tsaya ne a kan abu ɗaya, wato za ki aika saƙon nan a rana ta biyar. In kin san ranki ba za ki iya ba, ki faɗa wa kanki gaskiya tun yanzu, domin bashin wata huɗu a shekara zai cinye duk ribar da wannan hanyar ta fi kamfani da ita.

Ki gwada ta shekara ɗaya, ki riƙe littafi. In shekara ta zagayo kin ga wani ya sake kai wata biyu bai biya ba kuma ba ki ɗauki mataki ba, ko aiki ya ƙara nisanta ki, ko sassan sun ƙaru, to ki ba kamfani da zuciya ɗaya, kin san abin da kike saye da kuma nawa.

In kuwa kin riga kin yanke cewa kamfanin kike so, ba zan ce kin yi kuskure ba, amma ki zauna da takardar yarjejeniyarsu a natse. Kalma ɗaya a ciki ta taɓa ci na. Shekarun baya na ba wani kamfani gida, ban lura ba ashe kasonsu a kan hayar da ya kamata a biya aka rubuta shi, ba a kan wadda aka karɓa ba. Sashe ya zauna a rufe wata biyu, suna cire kasonsu daga kuɗin sauran, kuma babu abin da zan iya cewa don ni na sa hannu. A lissafinki wannan bambancin 480 ne da 420, wanda bai yi yawa ba. Ɓarnar ita ce, wanda ake biya ko an karɓa ko ba a karɓa ba, babu abin da zai tashe shi da sassafe ya je neman ɗan haya. Ki tabbata an rubuta a kan abin da aka karɓa.

Ki kuma lura da inda amfaninku ya rabu. Sashe ya yi wata ɗaya a rufe, ke kin rasa 90, kamfani ya rasa 10, sannan in ya kawo sabo ya samu 100. Ma'ana, tashin ɗan haya asara ce gare ki, shi kuwa riba ce gare shi. Ban ce kowane kamfani zai yi wasa da wannan ba, akwai masu amana da yawa, amma takarda ake rubutawa don ranar da amana ta yi rauni. Ki nemi a rage kuɗin kawo sabo zuwa rabin wata, tunda sassa huɗu kike ba su a wuri ɗaya, kuma tafiya ɗaya take isar su. Ki sa a rubuta cewa in wanda suka kawo ya tashi ko aka fitar da shi kafin wata shida, ko ma shekara in sun yarda, za su kawo wani ba tare da sabon caji ba. Ki tambaya ko akwai kuɗin sabunta yarjejeniyar wanda yake ciki, domin wasu suna karɓa kuma ba sa faɗa sai an tambaya. Haka kashi 10 na gyara: duk yadda gyara ya yi tsada, kasonsu ƙaruwa yake. Ki sa iyaka, misali duk aikin da ya wuce 25 sai an kira ki, wanda ya wuce 100 sai an kawo farashin ma'aikata biyu, in ban da na gaggawa kamar fashewar bututu ko matsalar wayar wuta. Rasit ɗin da za a nuna miki ya zama na wanda ya yi aikin, ba wanda kamfanin ya rubuta da hannunsa ba.

Sauran a taƙaice: a sa ranar da kuɗinki zai shigo asusunki kowane wata tare da bayanin abin da kowane sashe ya biya, a faɗi inda kuɗin ajiyar 'yan haya yake zaune, kuma ki iya fita daga yarjejeniyar da sanarwar kwana 30 ko 60 ba tare da tara mai nauyi ba. Ki nemi su haɗa ki da masu gida biyu da suke wa aiki, ki tambaye su kwana nawa sashensu ya yi a rufe a karo na ƙarshe, kuma ko kuɗinsu ya taɓa makara. In an fara aiki, alamar farko ta matsala ita ce kuɗi ya fara zuwa a makare ana kawo uzuri, ta biyu kuma gyara iri ɗaya ya riƙa dawowa a sashe ɗaya. Ki bar wa 'yan hayarki lambarki ko da kamfani ne a tsakani, kuma duk zuwan da kika yi ki tambayi ɗaya daga cikinsu nawa yake biya da ranar da ya biya, ki gwada da abin da aka rubuto miki.

A wannan makon, ki ɗauko albashinki ki ajiye shi kusa da 230 da 590, sannan ki kira kamfanin ki tambaye su nawa za su karɓa in neman ɗan haya kaɗai kike so. Allah ya sa albarka a gidan, ya haɗa ki da 'yan haya na gari.